Jagorar Sabon Kashiya: Daga Buɗe Durowa Zuwa Rufe Ciniki

Barka da zuwa teburin kashiya. Kafin ka taɓa kwamfuta, ga abin da aikin nan gaba ɗaya ya rataya a kansa. Kuɗin da ya shigo kantin nan yana barin sawu a wuri uku: a kwamfuta, a durowar kuɗi, da kuma na'urar POS tare da asusun kanti. Da dare, idan ka tashi, dole wuraren nan uku su faɗi magana ɗaya. Ranar da suka saɓa, sunanka ne a kan takardar, kuma kai za a tambaya. Na daɗe ina koyar da sababbin kashiyoyi, kuma mafi yawan giɓin da na gani ba sata ba ce. Gaggawa ce, da jin nauyin mai saye, da danna maɓallin da ba shi ba.

Na yi magana da "ka" don sauƙin rubutu, amma jagorar ta maza da mata ce. Farashin da ke cikin misalai na koyarwa ne kawai, kada ka haddace su. Sunayen maɓallai kuma na rubuta su yadda za ka gan su a fuskar kwamfuta. Inda ka ga wurin hoto, manaja zai manna hoton fuskar kwamfutar reshenku, domin wurin zaman maɓallai yakan ɗan bambanta.

Buɗe aiki

Ka iso aƙalla minti goma sha biyar kafin lokacinka. Ka bar jakarka da kuɗin aljihunka a ma'ajiyar ma'aikata. Ba zargi ba ne. Idan aka sami giɓin dubu biyar a durowa, kai kuma akwai dubu biyar a aljihunka, ko taka ce ta halas, bayani zai yi maka wuya.

Manaja zai ba ka kuɗin canji, wato kuɗin da ake fara ranar da su. A misalinmu naira 20,000 ne: 'yan 500 guda ashirin, 'yan 200 guda ashirin da biyar, 'yan 100 guda talatin, 'yan 50 guda arba'in. Ƙirga su a gabansa, kala-kala, kafin ka sa hannu. Ko da layi ya fara taruwa, ko da manajan ya ce shi ya ƙirga da kansa, ka sake ƙirgawa. Da zarar ka sa hannu a kan 20,000 alhali 19,500 ne a hannunka, wannan ɗari biyar ta zama bashi a wuyanka tun kafin ka sayar da ko ashana.

Sannan ka shiga kwamfuta da sunanka da lambar sirrinka, ka danna OPEN SHIFT, ka rubuta 20000 a gurbin OPENING FLOAT.

[Hoto na 1: fuskar shiga, da gurbin suna da na lambar sirri]

[Hoto na 2: fuskar buɗe aiki, an zagaye gurbin kuɗin canji da jan layi]

Lambar sirrinka kamar sa hannunka take. Duk abin da aka yi da ita kai ka yi. Idan za ka fita sallah ko cin abinci, ka danna LOCK, ka tabbatar durowa a rufe take. Idan wani zai riƙe teburin, ya shiga da tasa lambar, da tasa durowar. Mutum biyu a durowa ɗaya, in giɓi ya fito, sai a koma rantse-rantse, kuma rantsuwa ba ta cike lissafi.

Sauran shirin ba shi da yawa. Jera takardun kuɗi a durowa, kowace kala a gurbinta, manya a gefe ɗaya, ƙanana a ɗaya gefen, kuma kada ka sauya tsarin nan har hannunka ya saba. Duba cajin POS da netwok ɗinsa. Buga rasit na gwaji. Takardar rasit gefe ɗaya ne kawai ke ɗaukar rubutu, saboda zafi ne ke fitar da shi, ba tawada ba. Idan rasit ya fito fari fat, ba firinta ce ta lalace ba, naɗin ne aka sa a juye. Buɗe, ka juya shi.

Shigar da kaya

Gaida mai saye tukuna, ka dube shi: "Sannu da zuwa Hajiya," "Barka da yamma Alhaji." Daga nan sai aiki.

Ka tsara teburinka gida biyu. Kayan da ba a shigar ba suna gefe ɗaya, waɗanda aka shigar suna ɗaya gefen, sikana, wato na'urar da ke karanta zanen lambar da ke jikin kaya, a tsakiya. Kaya ba ya tsallakawa sai ka ji ƙarar sikana kuma ka ga sunansa ya fito a kwamfuta. Kunne kaɗai ba ya isa, domin teburin da ke kusa da kai ma yana irin wannan ƙarar.

Ga misalin da za mu riƙa komawa gare shi. Hajiya ta kawo taliya shida a kan 1,200 kowace, man gyaɗa gora ɗaya 3,500, madarar gwangwani huɗu a kan 650, sabulu uku a kan 450. Taliyar ba sai ka wuce da ita sau shida ba. Danna QTY, rubuta 6, sannan ka nuna guda ɗaya ga sikana. Amma ka ƙirga su da hannunka, ka kuma duba cewa duk iri ɗaya ne. Taliya 'yar siririya da mai kauri ta kamfani ɗaya sukan yi kama a leda, farashinsu ma yakan zo ɗaya, amma lambarsu daban. Idan ka shigar da su a matsayin abu ɗaya, kuɗi zai daidaita, sai dai lissafin sito zai karkace: kwamfuta za ta ce akwai kayan da babu shi a kanta, mai sayo kaya kuma zai ƙi sayo abin da ya ƙare.

[Hoto na 3: jerin kayan Hajiya, taliya 7,200, mai 3,500, madara 2,600, sabulu 1,350, jimla 14,650]

Idan sikana ta ƙi karanta zanen lambar, wataƙila ledar ta yamutse ko raɓar firij ta rufe shi. Miƙe ledar, goge raɓar. In ta ƙi har sau biyu, rubuta lambobin da ke ƙasan zanen da hannu. Yawanci guda goma sha uku ne, kuma na ƙarshen an sa shi ne don gwajin sauran, shi ya sa idan ka kuskure lamba ɗaya kwamfuta ba za ta kawo kayan ba. Idan ta ce ITEM NOT FOUND bayan ka rubuta daidai, kayan ne ba a shigar a tsarin ba. Kira manaja. Kada ka nemo wani kaya mai kama da shi ka buga a madadinsa, kada kuma ka yanke farashi da ka.

Katan da ƙwaya ɗaya lambarsu ba ɗaya ba ce. Mai saye zai iya ɗauko katan ɗin madara, ka buɗe ka nuna gwangwani ɗaya ga sikana, ka manta ba ka sa adadi ba, a tafi da katan a kuɗin gwangwani. Duk lokacin da babban kaya ya bi ta hannunka, kalli farashin da ya fito, ka tambayi kanka ko ya yi kama da girman abin.

Kafin ka faɗi jimla, leƙa ƙasan keken sayayya. Buhun shinkafa da ruwan gora a nan suke kwanciya, kuma sau da yawa mai sayen kansa ya manta da su. Sannan ka faɗi kuɗin da baki, a fili: "Hajiya, dubu goma sha huɗu da ɗari shida da hamsin ne. Tsaba za ki bayar, ko kati, ko taransifa?" Kada ka danna komai sai ta amsa, kuma kada ka kammala sai kuɗin sun shigo. Za ka ga dalilin wannan idan muka zo rufe ciniki.

[Hoto na 4: fuskar biya, da maɓallan CASH, CARD, TRANSFER da SPLIT]

Karɓar tsabar kuɗi

Hajiya ta miƙo 15,000. Ƙirga su a gabanta, ka faɗa: "Dubu goma sha biyar kika ba ni." Kada ka jefa su cikin durowa tukuna. Ajiye su a kan bakin durowar, inda ku biyu kuke ganinsu, har sai ka ba da canji. Ranar da wani zai ce maka "ai dubu ɗaya na ba ka, ba ɗari biyar ba," takardar da ke kwance a fili ita za ta raba gardama ba tare da an ɗaga murya ba.

Danna CASH, rubuta 15000, kwamfuta za ta nuna canji 350. Duk da haka ka koyi ƙirga canji daga kuɗin kaya zuwa sama, domin wata rana wuta za ta ɗauke. Daga 14,650, 'yar hamsin ta kai ka 14,700, 'yar ɗari ta kai ka 14,800, 'yar ɗari biyu ta cike 15,000. Ka ƙirga sau ɗaya wajen ɗaukowa, sau ɗaya a tafin hannunta. Sai ka sa kuɗinta a gurabensu, ka rufe durowa, ka ba ta rasit.

Game da jabu, manyan takardu ne ake bugawa, musamman 'yar dubu da 'yar ɗari biyar. Yatsa ne malaminka na farko: takardar gaske tana da ɗan kaushi a kan hoto da manyan rubutu, jabu kuwa sulɓi gare ta kamar takardar littafi. Ɗaga ta ga haske ka ga hoton ɓoye da ke cikin farin gefen, da zaren da ya ratsa ta. Idan bandir aka ba ka, kada ka tsaya ga ta sama da ta ƙasa, a tsakiya ake cusa ta. In ka yi shakka, kada ka ce wa mutum ya kawo jabu, domin galibi shi ma ba shi aka yi. Ce masa, "Alhaji, a taimaka a canza min wannan," ka kira manaja. Tsofaffi da sababbin takardun 200, 500 da 1,000, waɗanda aka sauya wa launi a ƙarshen 2022, duka muna karɓa, tun da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Nuwamban 2023 cewa su ci gaba da yawo tare.

Akwai masu rikita kashiya da gangan. Mutum zai sayi abin ɗari biyu, ya ba da dubu, kana cikin ba shi canji ya ce a'a, ga ɗari biyu ya samu, a dawo masa da dubunsa, sannan ya ce a haɗa masa 'yan ɗari biyar biyu. Kafin ka farga ya tafi da canjin da dubun duka. Maganinsa ɗaya ne: ciniki ɗaya a lokaci ɗaya. Ka ce, "Malam, bari mu gama na farko." Karɓi canjinka, mayar masa da takardarsa, rufe durowa, sannan a fara sabon lissafi.

Kati

Rubuta kuɗin a POS, ka juya fuskar ga mai saye ya gani kafin ya sa lambar sirrinsa. Wasu na'urorin suna fara cikawa daga kobo, ta yadda idan ka rubuta 14650 abin da zai fito shi ne 146.50, sai ka ƙara sifiri biyu. Ka san halin taka tun ranar farko. Yayin da yake danna lambarsa, kawar da kai. Idan dattijo ya ce, "Yaro, danna min, ga lambar," ka roƙe shi ya danna da kansa ko wanda ya rako shi ya danna. Kada lambar katin kowa ta bi ta bakinka ko hannunka.

Fitowar takarda ba ita ce shaidar biya ba, domin na'urar takan buga takarda ko an biya ko ba a biya ba. Karanta ta. Kalma ɗaya kake nema, APPROVED, tare da adadin da ya dace. Idan DECLINED ce, lambar da ke kusa za ta gaya maka dalili. Lamba 51 na nufin kuɗin asusun bai kai ba, 55 an kuskure lambar sirri, 54 katin ya ƙare aiki, 91 kuma ba a samu bankin mai katin ba a lokacin. Idan 51 ce, rage murya. Ce masa kawai, "Alhaji, bai wuce ba, ko za a gwada wata hanyar?" Ba aikinka ba ne ka sanar da layi cewa asusun mutum babu kuɗi.

[Hoto na 5: takardun POS biyu gefe da gefe, ɗaya APPROVED, ɗaya DECLINED]

Mafi wuyar sha'ani shi ne idan na'urar ta ce DECLINED amma alat ɗin cire kuɗi ya shigo wayar mai saye. Gaskiya yake faɗa, an cire masa, kai ma gaskiya kake faɗa, ba su shigo mana ba. Kuɗin sun maƙale a hanya, kuma bankinsa ne zai mayar masa. Duba tarihin ciniki a na'urar don ka tabbatar. In har ba ta nuna an biya ba, ba shi takardar DECLINED ɗin ya riƙe, ita ce hujjarsa a banki, ka ba shi haƙuri da gaske, ka kira manaja. Kaya ba sa fita. Na san nauyin da ke cikin faɗa wa babbar mace, sa'ar mahaifiyarka, cewa ba za ta tafi da kayanta ba alhali ga alat a hannunta. Amma idan ka sake su, gobe kuɗinta za su koma mata, kanti kuma ba kaya ba kuɗi.

Sai bayan ka ga APPROVED za ka koma kwamfuta ka danna CARD. Takardar kanti, wadda aka rubuta MERCHANT COPY a kanta, ka soke ta a ƙusar rasit bi da bi.

Taransifa

A nan aka fi cutar kashiyoyi. Ƙa'idar gajeriya ce: abin da wayar mai saye ta nuna ba hujja ba ne. Hoton rasit ana iya ƙirƙirarsa, saƙon alat ana iya turo na bogi, wani kuma tsohon rasit ne na jiya yake nuna maka, ko taransifar da ya tsara ta tafi gobe. Hujja ita ce ka ga kuɗin a na'urarmu ko a asusun kanti, da adadin, da sunan wanda ya turo, da lokacin. Duba duk ukun. A ranar cunkoso mutum biyu za su iya turo 5,000 a cikin minti biyar, kuma na uku zai iya nuna ɗaya daga cikinsu ya ce nasa ne. Tambaye shi sunan da ke kan asusunsa kafin ka nuna masa fuskar na'urar.

Idan kuɗin ba su shigo ba, danna HOLD, ka ajiye kayansa a gefe, ka ci gaba da na bayansa. "Malam, ɗan zauna nan, da sun shigo zan kira ka." Idan sun shigo, danna RECALL, ka kammala da TRANSFER. Kada ka taɓa ba da lambar asusunka na kanka, ko netwok ɗin kanti ya ɗauke, ko da niyyar ka mayar daga baya.

Idan Hajiya ta ce za ta biya 10,000 da kati, sauran da tsaba, danna SPLIT. Fara da katin, domin shi ne zai iya ƙin wucewa. Ya wuce, kwamfuta za ta nuna saura 4,650. Ta ba ka 5,000, canjinta 350.

Gyara da mayar da kaya

Kafin a biya, idan ka shigar da abu sau biyu ko mai saye ya fasa ɗaya, zaɓi layin ka danna VOID, ka cire kayan daga teburin nan take don kada ya bi leda. Bayan an biya kuwa, sai REFUND, kuma wannan da lambar manaja ake yi, da rasit na asali, kuma ta hanyar da aka biya ake mayarwa. Wanda ya biya da kati ba a ɗebo masa tsaba daga durowa. Ragi ma haka: "yi min ragi mana, ai ni na kullum ne" magana ce ta manaja, ba taka ba.

Idan kuɗi suka taru a durowa, manaja zai zo ya kwashe wasu. Ku ƙirga tare, ya shigar da su a CASH DROP, ya ba ka takarda mai sa hannunsa. Babu takarda, babu kuɗin da zai fita, ko mai kantin ne da kansa ya aiko a karɓo na man janareta.

Rufe ciniki

Gama da mai saye na ƙarshe, ka duba ko akwai cinikin da ya rage a HOLD, sannan ka ɗauki durowa zuwa ofis. Ba a ƙirga kuɗi a gaban jama'a. Ƙirga tsabar kafin ka kalli rahoton kwamfuta. Wanda ya san adadin da ake nema, hannunsa yakan kai shi can ko kuɗin ba su kai ba.

Rahoto iri biyu ne. X REPORT yana nuna cinikin da aka yi ba tare da ya rufe komai ba, kana iya buga shi sau goma. Z REPORT shi ke rufe ranar, ya mayar da lissafi sifiri, kuma ba a janye shi. Saboda haka X za ka buga, sai komai ya daidaita manaja ya buga Z.

[Hoto na 6: rahoton X, da layukan CASH, CARD, TRANSFER da jimla]

Ga wata rana da za mu bi daki-daki. Kashiya ya ƙirga durowa ya sami 'yan dubu 68, 'yan ɗari biyar 31, 'yan ɗari biyu 24, 'yan ɗari 27, 'yan hamsin 15. Wato 68,000 da 15,500 da 4,800 da 2,700 da 750, jimla 91,750. Rahoton ya nuna tsaba 186,400, kati 243,750, taransifa 97,300. Da rana manaja ya kwashe 100,000, ga takardarsa. Abin da ya kamata a samu a durowa shi ne kuɗin canji, a haɗa da cinikin tsaba, a cire abin da aka kwashe:

```
20,000 + 186,400 - 100,000 = 106,400
106,400 - 91,750 = 14,650
```

Giɓin 14,650. A nan ne sabon kashiya yakan ji gumi ya karyo masa, ya fara tunanin albashinsa. Kada ka ruɗe, kuma kada ka sake ƙirga tsabar sau biyar. Sau biyu ya isa. Juya ga takardun POS ka tara su. A wannan ranar sun ba da 258,400, alhali kwamfuta ta ce 243,750. Rarar 14,650 ke nan a kati, daidai da giɓin tsaba. Kuɗi ba su ɓata ba, gida suka sauya. Da aka bi rasit, sai ga cinikin Hajiya: ta ce tsaba za ta bayar, kashiya ya danna CASH ya kammala, ta duba jaka ta ga ba su kai ba, ta miƙo kati. Manaja ya gyara nau'in biyan, lissafi ya zauna.

Girman giɓi yakan nuna inda za ka nema. Idan ya yi daidai da wata rara a kati ko taransifa, nau'in biya aka kuskure. Idan dunƙulallen adadi ne kamar 500 ko 1,000, canji ne ya wuce, ko takardu biyu sababbi suka manne aka ba da su a matsayin ɗaya. Idan babba ne kamar 20,000, nemi kuɗin da aka kwashe ba a rubuta ba. Idan kuma tara tana raba shi ba saura, ka zargi juyewar lambobi: an rubuta 4,500 a POS maimakon 5,400, bambancin 900 ne. Mantuwar sifiri ma haka take fitowa, 14,650 da aka rubuta 1,465 tana barin 13,185, wato 1,465 sau tara.

Rara ma kuskure ce. Idan durowa ta fi lissafi da dubu biyu, ko dai wani ya tafi ba canjinsa, ko kaya sun fita ba a buga su ba. Rubuta ta yadda take. Kada ka ɗauke ta, kada ka ajiye ta don cike giɓin gobe, kada kuma ka cike giɓi daga aljihunka a ɓoye, domin hakan yana binne kuskuren da ya kamata a gano.

Idan an gama, ware 20,000 na canjin gobe da ƙananan takardu, cike fom ɗin rufewa, ku sa hannu kai da manaja, ka danna CLOSE SHIFT.

[Hoto na 7: fom ɗin rufe ciniki da aka cike da alƙaluman misalin nan]

Kurakuran da aka fi yi

Na farko ka riga ka gan shi: kammala ciniki kafin kuɗi su shigo. Shi ne ya fi kowane yawa a makon farko, domin sabon kashiya yana son layi ya ragu. Riƙe tsarin nan: kuɗi tukuna, sannan maɓalli, sannan rasit, sannan leda.

Na biyu, shigar da kaya sau biyu. Sikana tana da saurin ido, idan ka tsaya da kaya a gabanta kana magana za ta sake karantawa. Alamarsa ita ce adadin kaya a ƙasan fuskar kwamfuta ya fi abin da ke kan tebur. Kayan Hajiya goma sha huɗu ne. Idan kwamfuta ta ce goma sha biyar, tsaya ka duba kafin ita ta gano a gida ta dawo da ɓacin rai.

Akwai kuma saɓanin farashi. Mai saye ya ga 1,100 a kan kanta, kwamfuta ta ce 1,200. A lokacin da farashi ke yawan motsi wannan zai faru kusan kullum. Kada ka yi musu, kada ka ce ƙarya yake. Aika a dubo takardar kantar, manaja ya yanke, a kuma cire tsohuwar takardar a lokacin, in ba haka ba na bayansa ma zai zo da maganar.

Rashin canji yana jawo kuskure iri biyu. Wani kashiyan yakan tura wa mutum alewa a madadin naira hamsin ba tare da ya tambaye shi ba, kuma bai buga alewar ba. Idan mai saye ya yarda da alewa, shigar da ita kamar kowane kaya. Wani kuma yakan ce "ka biyo ni hamsin," ya manta. Tun 'yan hamsin da 'yan ɗari suna saura kaɗan ka nemi ƙari a ofis, kada ka jira su ƙare.

Sai ɗaukewar wuta ko tsayawar kwamfuta a tsakiyar biya. Idan ta dawo, kada ka sake buga cinikin kai tsaye. Duba LAST RECEIPT tukuna. In ya shiga, danna REPRINT kawai. In ka buga shi sau biyu, da dare kwamfuta za ta nemi kuɗin ciniki biyu a wurinka, kai kuwa ɗaya ka karɓa. Haka ma a POS: idan ta daɗe tana juyawa ba ta ce komai ba, duba tarihinta kafin ka sake sa katin, don kada a cire wa mutum sau biyu.

Na ƙarshe ya fi wuyar gujewa domin da fuskar sani yake zuwa. Maƙwabcinka, ko abokin yayanka, ko ma'aikacin kantin nan, ya ce ka ba shi kaya zai kawo kuɗin da yamma, ko ka cire masa dubu goma a katinsa ka ba shi tsaba daga durowa. Na biyun ma yana karkata lissafi, kati ya yi rara, tsaba ta yi giɓi, kuma ba ciniki a kwamfuta da zai bayyana dalili. Amsar da za ka bayar ba ta buƙatar faɗa: "Wallahi Yaya, ba ni da ikon wannan, bari in kira maka manaja." Idan ɗan gidanku ne ya zo sayayya, tura shi teburin abokin aikinka, kai kuma ka kira na bayansa.